Takardar sallama daga aiki: abin da ke cikinta da kuɗin da ke bayanta

A Legas, takardar sallama daga aiki ba ta cika wuce rabin shafi ba. Da turanci ake rubuta ta, a miƙa wa mutum a ofishin kula da ma'aikata, a nuna masa inda zai sa hannu. Yawancin mutanenmu da ke tuƙin tirela a Apapa, ko aikin sito a masana'antun Ikeja, ko gadi a ƙarƙashin kamfanonin tsaro, layin farko kawai suke ji, wato aiki ya ƙare. Alhali sauran layukan ne ke yanke nawa mutum zai koma gida da shi.

Bari mu ɗauki misalin direban wani kamfanin dakon kaya a Apapa. Shekara 6 yana aiki, albashinsa naira 180,000 a wata. A takardar biyan albashi an raba kuɗin gida biyu: gundarin albashi, wanda ma'aikata ke kira besik, naira 90,000 ne, sauran 90,000 kuma alawus ne na gida, mota da abinci. Ranar 10 ga Yuni aka ba shi takarda mai jimla huɗu: kamfani ba ya buƙatar aikinsa kuma, sallamar ta fara aiki nan take, za a biya shi albashin wata guda a madadin notis, sannan ya sa hannu cewa ya karɓi dukkan haƙƙinsa kuma ba ya bin kamfani komai.

Abu na farko da zai tantance shi ne irin rabuwar. Sallama daban, kora daban. Sallama ita ce mai aiki ya kawo ƙarshen yarjejeniya ba tare da ya ɗora wa ma'aikaci laifi ba, kuma dole ya ba da notis ko kuɗin notis. Kora hukunci ce kan babban laifi irin sata ko zamba, ba notis a cikinta, kuma galibi tana cinye garatuti. Jimlar nan ta "ba ma buƙatar aikinka kuma" sallama ce, saboda haka direbanmu bai rasa haƙƙinsa ba. Da a ce takardar ta ambaci laifi, misali an ce ya karkatar da man dizal, to kamfani ya ɗaukar wa kansa nauyi. Kotunan Najeriya sun daɗe a kan cewa wanda ya faɗi dalilin kora dole ya iya tabbatar da shi, kuma ana sa ran an ba ma'aikacin takardar tuhuma, an saurari amsarsa kafin a yanke hukunci. Wannan ne ya sa kamfanoni da yawa ke gudun rubuta dalili.

Sai maganar notis. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ɗaure tsawonsa da daɗewar mutum a aiki. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana guda ne. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako guda. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Shekara 5 zuwa sama, wata guda. Notis na mako guda ko fiye dole ya zama a rubuce, kuma ranar da aka miƙa shi ba ta shiga lissafi. Da a ce direban notis aka ba shi ranar 10 ga Yuni, ƙirga zai fara daga 11 ga wata, ya ci gaba da aiki da karɓar cikakken albashi har 10 ga Yuli. Waɗannan kwanaki su ne mafi ƙaranci. Idan takardar ɗaukarsa aiki ta ce wata uku, to wata ukun ne ke aiki. Shi ya sa ba a karanta takardar sallama ita kaɗai, sai an ajiye takardar ɗaukar aiki kusa da ita.

Kalmar "nan take" ba ta saɓa wa doka ba matuƙar an biya kuɗi a madadin notis, domin sashen ya yarda da hakan. Amma lokacin biyan yana da muhimmanci. A shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993, Kotun Ƙoli ta ce wanda ya zaɓi biyan kuɗi a madadin notis, ya biya a lokacin da yake sallamar, alkawarin biya daga baya bai wadatar ba. Don haka idan takarda ta ce "za a biya ka bayan an kammala tantancewa", mutum ya rubuta ranar da ya karɓi takardar, ya kuma adana saƙon banki na ranar da kuɗin ya shigo. Tazarar da ke tsakaninsu hujja ce.

Inda rigima ta fi tashi shi ne ma'anar "albashin wata guda". Direban yana jiran 180,000, sai ya ga 90,000, ya ce an cuce shi. Wataƙila an cuce shi, wataƙila kuma ba a yi ba. Sashe na 11 ɗin ya ce wajen lissafin kuɗin notis, ana cire kuɗin ƙarin lokaci da sauran alawus. Idan dokar kaɗai za a bi, 90,000 daidai ne. Sai dai idan takardar ɗaukar aiki ko littafin ƙa'idojin ma'aikata ya ce cikakken albashi za a biya, to 180,000 yake bi. Idan kuma ta ce "albashi" kawai ba ta fayyace ba, akwai abin jayayya, kuma ya dace ya nema a rubuce. A nan ne mutum ke gane illar tsarin da ke ƙanƙantar da besik ya kumbura alawus: a ƙarshen wata ba a jin bambanci, sai ranar rabuwa.

Ga lissafinsa idan aka bi mafi ƙarancin doka. Kwana 10 da ya yi aiki a Yuni albashi ne da ya riga ya ci guminsa, ba ya cikin kuɗin notis: 180,000 a raba 30, a ninka 10, ya ba da 60,000. Kuɗin notis 90,000. Sannan hutun shekara: sashe na 18 ya ba da aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12, kuma shi ma da besik ake lissafa shi. Idan bai tafi hutun bara ba, besik na kwana guda, wato 3,000, sau 6 ya zama 18,000. Jimla 168,000, kafin a cire haraji da duk bashin da ya ci a ofis.

To ina ladan shekara 6? Wannan shi ne ɓangaren da ba a son ji. Dokar Ƙwadago ba ta wajabta wa kamfani mai zaman kansa biyan kuɗin sallama ko garatuti ga wanda aka sallama ta hanyar notis ba. Zancen da ake yi a gareji cewa "doka ta ce wata guda kan kowace shekara" ba ya cikinta. Irin wannan kuɗi daga wuri uku yake fitowa: takardar ɗaukar aiki, littafin ƙa'idojin ma'aikata, ko yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da kamfani wadda aka shigar cikin sharuɗɗan aiki. Idan littafin kamfanin direban ya ce rabin besik kan kowace shekara ga wanda ya cika shekara 5, to 45,000 sau 6 ya zama 270,000, jimlarsa ta tashi zuwa 438,000. Kuɗin da ke cikin ɗan littafin da bai taɓa buɗewa ba ya fi duk abin da doka ta ba shi.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ya yi wa kansa: shi kaɗai aka sallama, ko su ashirin ne a rana guda saboda kamfani ya sayar da motoci? Idan na biyun ne, wannan rage ma'aikata ne, ko da takarda ba ta kira shi haka ba. Sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara sallamar wanda ya shigo a ƙarshe tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan mai aiki ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tattauna kuɗin rage ma'aikata. Dokar ba ta faɗi adadi ba, tattaunawa ta wajabta. A ganina rauni ne babba, amma duk da haka ƙofa ce, kuma mutum ashirin da suka rubuta takarda guda sun fi ƙarfin wanda ya je shi kaɗai.

Jimla ta huɗu ita ce tarko. Sa hannu cewa ka karɓi takarda ba matsala ba ne, ƙin karɓa ma ba ya hana sallama aiki. Sa hannu cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka wani abu ne daban, domin kamfani zai ɗaga shi a gaban alƙali. Kamata ya yi direban ya ce, "Ranka ya daɗe, zan sa hannu na karɓi takarda, amma a ba ni lissafin a rubuce in duba tukuna." Ya rubuta kwanan wata kusa da sa hannunsa, ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, kuma kada ya yarda a maye ta da takardar ajiye aiki. Wanda ya rubuta cewa shi ya ajiye aiki da kansa ya yafe kuɗin notis, wani lokaci ma a ce shi ake bi.

Fansho ba ya cikin wannan ciniki. A ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, kuma kuɗin na ma'aikacin ne ko korarsa aka yi. Ya nemi bayanin asusunsa ya duba ko an zuba na kowane wata. Idan bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata 4 bai samu wani aikin ba, yana iya neman kashi 25 na abin da ke ciki, kuma takardar sallamar na cikin abin da za a tambaye shi.

Dokar Ƙwadago ba kowa ta shafa ba. Ma'aikacin da take nufi shi ne mai aikin ƙarfi ko aikin akawu. Manaja, injiniya da makamantansu, takardar ɗaukarsu aiki ce dokarsu. Haka maigadin da mai gida ya ɗauka da kansa don gidansa a Lekki, shi ma abin da suka yi alkawari ne madogararsa, saɓanin wanda kamfanin tsaro ya tura.

Idan lissafi bai daidaita ba, a fara da wasiƙa zuwa kamfani mai ɗauke da adadin da ake bi, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Cibiyar sasanta jama'a ta gwamnatin Legas tana sauraron rikicin ma'aikaci da mai aiki kyauta. In sulhu ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi ce ke da hurumi tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma a wasu hukunce-hukuncenta ta ƙi amincewa da sallama marar dalili. Sai dai ma'aikacin kamfani mai zaman kansa ya sani cewa kuɗi kotu ta fi bayarwa, da wuya ta mayar da shi bakin aiki. Abin da za a nema a hannunsa a duk waɗannan wurare shi ne takardar ɗaukar aiki, takardun biyan albashi na watannin baya, bayanin asusun banki, da ita kanta takardar sallamar.