Shin Yawan Mai a Kasko ne Ke Sa Ƙosai Shan Mai?

Mun taso muna jin cewa idan aka cika mai a kasko, ƙosai zai sha da yawa, don haka gara a zuba kaɗan. Tattali ne ya kawo wannan tunani, amma ba haka abin yake ba.

Abin da ke sa ƙosai jiƙewa da mai shi ne rashin zafi. Mai kaɗan da an zuba ƙullu sai ya huce, ƙosan ya daɗe kafin bayansa ya yi ɓawo, ya fito sharkaf. Mai isasshe kuwa yana riƙe zafinsa. Ya kai zurfin da ƙosai zai taso yana yawo, amma kada ya wuce rabin tukunya saboda kumfa. Tukunya mai cin lita 4, lita 1 da rabi zuwa 2 ya ishe ta.

Ki gwada da kanki. Ɗiga ƙullu kaɗan: in ya taso nan take yana tsuwa, mai ya yi. In ya kwanta a ƙasa shiru, ki dakata. Sannan ki auna man da kofi kafin suya, ki sake aunawa bayan ya huce. Bambancin da ke tsakanin awon biyu kusan duk shi ƙosan ya sha.

Don Allah a tura wa masu suya.