Yadda Ake Ƙiyasta Yawan Saran Maciji Daga Rajistar Asibiti

Abokan aikina masu riƙe da rajista a asibitocin karkara, duk wanda zai nemi maganin dafin maciji daga ma'ajiya sai an tambaye shi mutum nawa yake sa ran karɓa a mako, alhali adadin da ke cikin rajista yana hawa yana sauka. A ɗauka cewa a makonni biyar na damina an rubuta 2, 4, 3, 1 da 5, wato mutum 15. Abin da muke nema shi ne ainihin matsakaicin da ke haifar da waɗannan lambobi, wanda masana lissafi ke kira lamda, suna rubuta shi λ.

Ƙidaya irin wannan, inda abu ke aukuwa jefi-jefi kuma aukuwar ɗaya ba ta jawo ta biyu, tana bin ƙa'idar da Bafaranshe Siméon Poisson ya wallafa a 1837. Ƙa'idar tana ba da yiwuwar ganin mutum k a mako idan matsakaicin λ ne, inda e lamba ce tsayayya mai kusan 2.718, k! kuma yana nufin a ninka lambobi daga 1 har zuwa k:

```
P(k) = e^(-λ) × λ^k / k!
```

Hanyar ƙiyasin mafi yiwuwa, wadda Ronald Fisher ya kafa tsakanin 1912 da 1922, tana juya tambayar ne. Lambobin rajista sun riga sun auku, ba za su sauya ba, saboda haka sai mu riƙa gwada λ daban-daban muna duba wanne ne ya fi sa abin da muka gani ya zama mai yiwuwa. Idan λ 3 ne, yiwuwar ganin mutum 2 ita ce 0.224, ta mutum 4 ita ce 0.168, ta mutum 3 ita ce 0.224, ta mutum 1 ita ce 0.149, ta mutum 5 kuma 0.101. Da yake makonnin ba su dogara da juna ba, sai a ninka su gaba ɗaya, a sami kusan 127 cikin miliyan. Idan aka maimaita wannan da λ 2 za a sami 43 cikin miliyan, da λ 4 kuma 64 cikin miliyan. Uku ya fi biyu kusan ninki uku, ya fi huɗu kusan ninki biyu.

Kada ƙanƙantar 127 cikin miliyan ta dami kowa, domin kowane jeri takamaimai na makonni biyar yiwuwarsa kaɗan ce, kuma kwatancin da ke tsakanin lambobin shi ne abin dubawa. Haka nan wannan lamba ba ta nufin yiwuwar cewa λ uku ne. Tana nufin yiwuwar samun wannan jeri idan λ uku ne, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna rikicewa.

Ba sai an gwada 2.9 da 3.1 ɗaya bayan ɗaya ba. Idan aka ɗauki logaridim na yiwuwar jerin, wanda ake rubutawa ln, aka ajiye ɓangaren da babu λ a cikinsa, abin da ya rage shi ne `15 × ln(λ) − 5λ`, wanda ke kai ƙololuwa a inda `15/λ = 5`. Ke nan λ shi ne jimilla a raba da yawan makonni, 15 a raba da 5. Matsakaicin da muka saba fitarwa shi ne amsar, amma yanzu mun san sharuɗɗan da ya tsaya a kansu.

Makonni biyar ba su da yawa. Kuskuren ƙiyasin shi ne `√(3/5)`, kusan 0.77, don haka idan aka ƙara ninki biyunsa a kan 3, aka kuma rage shi daga 3, ainihin λ na iya kasancewa daga kusan 1.5 zuwa 4.5. Da an sami mutum 60 a makonni 20, ƙiyasin yana nan a 3, amma tazarar za ta tsuke zuwa tsakanin 2.2 da 3.8. Ko da λ uku ne daidai, kusan mako ɗaya cikin 12 za a kawo mutum 6 ko fiye, kuma wanda ya tanadi maganin mutum uku kacal zai rasa abin ba majinyaci a irin wannan mako.

Ina roƙonmu da mu kula da abubuwan da ke ɓata lissafin. Makon da ba a kawo kowa ba a rubuta masa sifiri, domin idan aka tsallake shi ƙiyasin zai haura, makon da ba a cike rajista ba kuwa a cire shi baki ɗaya. Kada a haɗa damina da rani, tunda saran maciji yana ƙaruwa lokacin noma da girbi. Cuta mai yaɗuwa kamar ƙyanda ba ta bin wannan ƙa'ida, saboda yaro ɗaya yana harbar wasu. Ana gane haka ta kwatanta warwatsuwar lambobi da matsakaicinsu, waɗanda ya kamata su yi kusa da juna. A misalinmu, idan aka ninka nisan kowace lamba daga 3 da kansa, aka tara, ana samun 10, a raba da 4, wato yawan makonni a rage ɗaya, ya ba da 2.5, wanda ke kusa da 3. Da jerin ya kasance 0, 0, 1, 0 da 14, matsakaicin uku ne har yanzu, amma warwatsuwar ta kai 38, kuma wannan alama ce ta a koma a binciki abin da ya faru a mako na biyar kafin a aika da kowane ƙiyasi.