Ciniki na tafiya, amma ina kuɗin shagon suke shiga?

Tambaya: Shekarata 16, ina taya Babana zaman shago. Kullum muna ciniki, amma kaya sai raguwa suke yi, kuma babu mai yi mana sata. Ina kuɗin suke shiga?

Ɗana, bari in ba ka labarin wani mai ƙaramin shago, ka auna da naku. Ya fara da jarin 200,000. A wata yakan yi cinikin 300,000, shi ya sa yake ganin kansa cikin samu. Aljihun teburin da yake zuba ciniki shi ne kuma asusun gidansa. Da safe ya zari kuɗin cefane, da rana yaro ya zo karɓar kuɗin littafi, da dare ya ɗebi abin da gida ke buƙata daga kan kanta ya wuce. Bai taɓa rubutawa ba, don a ganinsa mutum ba ya cin bashin kansa.

Bayan wata huɗu sai ya lura ya fara tazara tsakanin kaya a kan kanta don kada a ga giɓi, kuma idan ya je sari rabin kwali yake iya ɗauka a maimakon cikakke. 'Yarsa, sa'arka ce, ta ce masa, "Baba, mu lissafa mana." Suka zauna da littafi. Kayan da yake sayarwa 300,000 a wata, shi 255,000 yake saro su, ribar ke nan 45,000. Haya da wuta da kuɗin motar ɗauko kaya suna cin 15,000, saura 30,000. Wannan kaɗai ne nasa. Shi kuwa yana zarar kusan 1,200 kullum, wato 36,000 a wata, ga kayan da yake kai wa gida na 9,000. Gida na cin 45,000, shago na haifar 30,000. Cikon 15,000 daga uwar kuɗi yake fita, a wata huɗu jarin ya koma 140,000.

Tambaya: To me ya yi? Ai dole gida ya ci abinci.

Dole ne, kuma don haka aka buɗe shagon. Abin da ya yi shi ne ya yanka wa kansa albashi, 6,000 a mako, wanda ya kama kusan 26,000 a wata, ƙasa da ribar da ta tabbata. Rana ɗaya yake ɗauka a mako, ya sa a wata jaka daban wadda ba ta kwana a shago. Idan gida na son wani abu daga kan kanta, 'yar takan zo da kuɗi daga jakar ta saya kamar kowa. Makon farko abin ya yi masa banbaraƙwai, har maƙwabcinsa yana dariyar mutum na sayen kayansa. Wahalar gaskiya kuwa ba a nan take ba. Gidan da ya saba da 45,000 ya koma 26,000, sai da aka zauna da mai ɗakinsa aka ware abin da za a rage. Ni a ganina duk wanda ya tsallake wannan zaman, kafin sati biyu hannunsa zai koma aljihun tebur.

Tambaya: Idan rashin lafiya ta taso fa?

Sai a ɗauka, amma a rubuta kwanan wata da adadi a matsayin bashin da shago ke bin gida, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi har a biya.

Tambaya: Ta yaya za mu gane ko namu jarin yana zaizayewa?

Ku zaɓi rana ɗaya a ƙarshen wata, bayan an rufe. Ku ƙirga duk kayan da ke shago a farashin sari, kada ku yi da farashin sayarwa, don ribar da ba a ci ba tukuna ba taku ba ce. Ku haɗa da kuɗin da ke hannu da bashin da kuke bin mutane, amma wanda kuke da yaƙinin za a biya. Sannan ku cire bashin da masu ba ku sari suke bin ku. Abin da ya rage shi ne jarinku a ranar. Ƙidaya ɗaya ba ta nuna komai, sai kun maimaita a wata na gaba kun gwada biyun. Idan ya ragu alhali ciniki bai faɗi ba, ku fara duba abin da ya tafi gida. Kai za ka iya riƙe littafin, amma ka nemi izinin Baba tukuna, ka ce kana son koyon lissafin shago ne.