Ragowar shinkafa, burodin jiya da ɓawon kayan miya: wanne za a sake sarrafawa, wanne za a zubar?

A wannan tsadar, ba uwargidan da za ta so ta ga shinkafar da aka auno da kuɗi ta tafi bola. Mu ma ma'aikatan lafiya ba mu ce a zubar ba. Sai dai a cikin abubuwan da ke ragewa a kicin, shinkafa ce ta fi yaudara, shi ya sa zan fi daɗewa a kanta.

Ɗanyar shinkafa tana zuwa da wata ƙwayar cuta tun daga gona, wadda masana ke kira Basilus seriyus. Tafasa tana kashe ƙwayar, amma ba ta kashe irinta, don yana da tauri kamar ƙwallon goruba. Da zarar an sauke tukunya ta fara hucewa, irin sai ya farfaɗo ya shiga hayayyafa, yana zuba guba a cikin abincin. Wannan gubar kuwa wuta ba ta lalata ta. Ko an ɗumama, ko an soya da mai har ta yi ƙauri, tana nan. Kuma ba lallai shinkafar ta yi tsami ko yauƙi ba. Shinshinawa da ɗanɗanawar da muka saba yi ba sa nuna ta.

Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. A bazarar Bauchi, watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusan digiri 40, ki mayar da shi awa 1.

Ga misali. An sauke shinkafa da ƙarfe 1 na rana, an ci, ragowar aka juye a kula aka rufe. Kula tana riƙe zafi na 'yan awoyi, daga nan abincin ya koma ɗumi-ɗumi, kuma murfin ya hana shi hucewa gaba ɗaya. Wajen Magariba ya riga ya shiga yanayin da ƙwayar ta fi so, ya kwana a haka. Da safe aka yanka albasa da attaruhu aka soya wa yara kafin makaranta. Kafin ƙarfe tara da rabi sai ga an dawo da yaro yana amai. Aman wannan gubar yakan zo da wuri, tsakanin awa 1 zuwa 5 bayan cin abincin, kuma sau da yawa duk waɗanda suka ci kwano ɗaya tare suke kamuwa. Suyar safe ba ta da laifi. Tun a cikin kula aka yi ɓarnar.

Abin da ya kamata shi ne, ana gama rabo a kwashe ragowar a baza ta a faffaɗan tire, kaurinta kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, a rufa da rariya saboda ƙuda. Idan tururin ya fita, a juye a roba mai murfi a sa a firiji, a cinye washegari. Wajen sarrafawa a tabbata ta yi zafi har ciki, tana tururi ko'ina, kuma ɗumi ɗaya ake yi mata. Abin da ya rage bayan wannan ya zama na kaji.

Wadda aka ajiye haka ce ake soyawa da ƙwai da karas, ko a zuba mata ruwan zafi a tuƙe ta koma tuwo, ko a ɗiba a haɗa a ƙullun masa, wadda mu Bauchi ba sai an koya mana ba. Amma a lura, ƙullun zai kwana yana tashi, don haka shinkafar da za ta shiga cikinsa ta zama ta ranar, ba wadda ta riga ta wuni a ɗumi ba.

Na san wata za ta ce, Malama, ina firijin, ina wutar? Gaskiya ne. Firijin da aka bar shi a rufe yakan riƙe sanyi kamar awa 4 bayan an ɗauke wuta, ba fiye ba. Idan babu sanyin da za a dogara da shi, dabarar ta koma kan mudu: a rage awo, in bai isa ba a ƙara da wani abu. Ragowar rana da ake so a ci da dare a bar ta a kan garwashi ta ci gaba da zafi sosai, kada ta huce. Ɗumamen tuwon shinkafa kuwa, ba zan ce a daina ba, don da shi muka tashi. A yi malmala ƙanana, a jera su a sarari su huce da wuri maimakon a cusa su da zafi a kula, da safe a tafasa sosai. Wannan yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi, musamman da bazara. Jariri mai koyon cin abinci, da mai ciki, da tsoho mara lafiya, a dafa musu sabo.

Wani abu da ke damuna: abincin da muka ji tsoron ba 'ya'yanmu shi muke juye wa almajiri. In za a yi sadaka, a yi ta da zafinta.

Burodi ya fi sauƙi. Wanda ya bushe kawai lafiyarsa ƙalau. A yayyanka, a tsoma a ƙwai da aka kaɗa da albasa da gishiri a soya. Ko a gasa a kasko ba mai har ya yi ƙaras, a daka, a ajiye garin a kwalba busasshiya, ya yi amfani wajen barbaɗa wa dunƙulen doya ko kifi kafin suya. Wanda ya yi hunhuna, ko ɗigo ɗaya ne kore ko baƙi, a zubar da shi duka. Saiwar hunhunar tana ratsa cikin burodin inda ido ba ya gani, yanke gefen ba ya wadatarwa. Haka wanda cikinsa ya yi danƙo yana wari.

Kayan miya kuma, ƙa'idar ita ce a wanke kafin a fere, ba bayan an fere ba, don abin da aka kwaso daga kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti ya sha ƙasa da hannaye. Ɓawon karas, zuciyar kabeji, karan alayyafo da ganyen albasa, a haɗa su a tukunya da ruwan da ya rufe su, a tafasa kamar rabin awa, a tace. Da wannan romon ake dafa shinkafa ko a tsinka miya, kuma a yi amfani da shi a ranar. Abubuwa uku ba sa shiga: dankalin turawa da ya yi kore ko ya tsiro, sai an yanke wurin da zurfi, in ya yi yawa ko yana ɗaci a jefar; ɓawon rogo, don yana da guba; da tumatir ɗin da ya ruɓe ya yi hunhuna, komai arharsa.

Idan an riga an ci aka fara amai ko gudawa, yawanci yakan lafa cikin kwana ɗaya. A riƙa ba da ruwan gishiri da sukari na fakiti, a narka a lita 1 ta ruwa mai tsabta, ana ba da kaɗan-kaɗan ko ana aman, mai shan nono kuma a ci gaba da ba shi. Yaron da ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini a bayan gida, a kai shi asibiti mafi kusa nan take, a kuma faɗa wa ma'aikaci abin da ya ci da lokacin da ya ci.