Riga mai saye faɗin shakkarsa a wasiƙar imel

Riga mai saye faɗin shakkarsa dabara ce ta masu tallan haja ta imel, inda mai sayarwa yake ambaton abin da ya san zai hana mutum amsawa, ya kuma warware shi a cikin wasiƙar. Dalilinta shi ne, a ciniki na ido da ido mai saye yakan faɗi damuwarsa a ba shi amsa nan take, amma mai karanta imel ba ya musu. Idan abu ya tsaya masa a rai, rufe wasiƙar yake yi ya wuce, mai sayarwa kuma ba zai taɓa jin dalili ba.

Dabarar tana da tushe a binciken jan ra'ayi. Masanin halayyar ɗan Adam Carl Hovland da abokan aikinsa sun wallafa a 1949 sakamakon gwajin da suka yi da sojojin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sun gano cewa saƙon da ya ambaci hujjar ɗaya ɓangaren ya fi tasiri ga waɗanda tun farko ba su yarda ba, yayin da saƙo mai fuska ɗaya ya fi aiki ga waɗanda dama sun yarda. Wannan shi ne iyakar dabarar: ana yin ta ne ga mai shakka.

Misali, mai sayar da manhajar lissafin kuɗi yana rubuta wa shugabar sashen kuɗi na wani kamfani. Ya duba amsoshin da ya samu a baya, ya ga yawancin masu ƙi suna tsoron wahalar kwashe bayanansu daga tsohuwar manhaja. Sai ya rubuta: "Na san sauya manhaja a tsakiyar shekarar kuɗi abin fargaba ne. Mu za mu kwashe bayanan da kanmu, tsohuwar manhajarku kuma za ta ci gaba da aiki har sai kin tabbatar lissafin biyu ya yi daidai." Jimla biyu ne kacal, an sa su bayan bayanin amfanin hajar, kafin neman ganawa. Amsar kuma aiki ce da za a iya dubawa. Da ya ce "kada ki damu" kawai, da ya tayar da fargabar ya bar ta haka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zato. Wanda ya ambaci tsada ga mutumin da farashi bai dame shi ba, ya shuka masa shakkar da babu ita. Haka wanda ya jera shakku uku ko huɗu, wasiƙarsa takan koma kamar kare kai. Ana gane an zaɓi daidai ta hanyar raba jerin masu karɓa gida biyu, rabi da jimlolin, rabi babu, sannan a kwatanta yawan amsoshi da irin ƙorafin da ke cikinsu.