Faɗaɗa gidan burodi: banki, ƙungiya ko abokin jari?

"Tanda ɗaya gare ni kuma ta yi mana kaɗan, ta biyu za ta ci 1,200,000. Banki zan je, ko ƙungiyarmu ta gama kai, ko in karɓi kuɗin wani mu yi haɗin gwiwa?"

Kafin komai ka fitar da ribar da sabuwar tandar za ta ƙara maka a wata, bayan ka cire fulawa, yis, suga, makamashi, albashin ƙarin ma'aikata da burodin da ake dawo maka da shi bai sayu ba. A ce 100,000 ta rage. To da wannan lambar za ka auna kowane tayi.

A ce banki ya ba ka wata 24 da ruwa kashi 20 cikin ɗari a shekara. Nan fa ka tambaye su, a kan asalin kuɗin suke lissafin ruwan ko a kan abin da ya rage? In a kan asali ne ruwan 480,000 ne, biyan wata 70,000, in kuwa a kan ragowa ne biyan wata kusan 61,000 ne, ruwan kusan 266,000. Kaso iri ɗaya ne a takarda amma ka ga tazarar. Sai kuma jingina da kuɗin buɗe fayil. In ba ka son ruwa, bankin Musulunci kan sayi tandar ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kaɗan-kaɗan.

"Ai ƙungiya ta fi sauƙin ruwa ko?"

Sau da yawa haka ne, amma wa'adinta gajere ne kuma yawanci rancenta ba ya wuce ninki biyu ko uku na ajiyarka. A ce kashi 10 ne na wata 12, jimla 1,320,000, wato 110,000 duk wata alhali tandar 100,000 take kawowa, sai ka ga ka fara taɓa kuɗin fulawa don cike giɓi, buhunan da kake saye suna raguwa, sabuwar tandar na zaune rabin yini ba aiki. Ni a ganina kuɗin ƙungiya ya fi dacewa da sarin fulawa da ke juyawa cikin makonni.

"Abokin jari fa, tunda babu biyan wata?"

Babu, kuma watan da aka yi asara tare za ku sha, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma in ribarka yanzu 300,000 ce ta koma 400,000, shi kuma ka ba shi kashi 30 na duk gidan, 120,000 zai riƙa ɗauka duk wata har bayan an manta kuɗin tandar. Don haka ku rubuta a gaban shaidu cewa kasonsa na ribar sabuwar tandar ne kawai, a fitar da albashinka kafin rabo, a kuma faɗi lokaci da farashin da za ka iya sayen hannun jarinsa.