Tsaftace kwangilar sirri kafin fassara ta intanet

Tsaftace kwangila shi ne cire ko sauya duk abin da zai tona su waye ɓangarorin yarjejeniya da abin da suka daddale a kai, kafin a liƙa rubutun a manhajar fassara irin su Google Translate ko DeepL. Dalili kuwa shi ne rubutun yana barin kwamfutar mai shi ya tafi na'urorin wani kamfani, kuma sharuɗɗan manhajojin kyauta sukan ba kamfanin damar ajiye shi ko amfani da shi wajen inganta fassara. A watan Satumban 2017 kafar yaɗa labarai ta NRK a Norway ta bayyana cewa takardun kamfanin mai na Statoil da aka fassara a Translate.com sun riƙa fitowa a binciken Google, ciki har da kwangiloli da takardun sallamar ma'aikata.

Tambayar da ake yi wa kowane layi ita ce: shin fassara tana buƙatar wannan bayani kafin ta fita daidai? Suna, adireshi, lambar waya, lambar asusun banki, lambar rajistar kamfani, NIN da BVN, duka ba a fassara su, don haka ba a rasa komai idan an cire su. Na mutane daga cikinsu suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutum zuwa ƙasar waje.

A ɗauka ɗan kasuwa a Kano ya karɓi kwangilar sayen riɗi da Faransanci daga wani kamfani a Maraɗi. Ba ya goge sunayen ya bar gurbi, domin jimlar da ba ta da mai aikatawa takan rikita manhaja har ta juya wanda ke bin bashi ya koma wanda ake bi. Sai ya sa SOCIETE A da SOCIETE B a madadinsu, ya tabbatar kowane laƙabi yana nufin ɓangare ɗaya daga farko har ƙarshe, ya rubuta wane laƙabi ne na wane kamfani a takarda daban. Lambobin RCCM da NIF, wato na rajistar kasuwanci da na haraji, na kamfanin Nijar su ma ana cire su.

Farashi da yawan kaya su ne ainihin sirrin ciniki, kuma a nan aka fi yin sakaci. Ana sauya su da lambobin ƙarya masu fasali iri ɗaya: idan farashin ton ɗaya 612.500 ne na sefa, a sa 100.000. Kwangilar Faransanci takan maimaita kuɗin da kalmomi kusa da lambar, don haka dole a sauya duka biyun. Haka ma jimillar kuɗi da kuɗin kafin alƙalami, domin wanda ya ga jimilla da yawan ton zai fitar da farashin da rabawa kawai.

Akwai kuma abin da ke tona asiri ba tare da suna ba. Jimlar da ta ambaci sito a wata unguwa, da ranar lodi, da mashigar Jibiya, ta ishi ɗan kasuwar Dawanau ya gane ko waye. Irin wannan ana mayar da shi gama-gari: wurin lodi, ranar da aka amince.

Abin da ake bari shi ne ƙashin bayan shari'ar: sharaɗin biyan diyya, hanyar soke yarjejeniya, kalmomin isar da kaya kamar FOB, da ambaton dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka da Nijar take ciki. Waɗannan kusan iri ɗaya ne a dubban kwangiloli, kuma su ne mai karatu yake son fahimta.

Ɗora fayil sukutum ya fi liƙa rubutu haɗari. Fayil ɗin Word yana ɗauke da sunan marubuci, sharhin gefe, da tsofaffin gyare-gyaren Track Changes, inda farashin da aka yi tayi da farko yake kwance. Baƙin zanen da aka shafa a kan PDF ma sau da yawa rufewa kawai yake yi, rubutun na nan a ƙasa ana iya kwafe shi. Hanyar gwaji ita ce a zuba rubutun a Notepad, a nemi kowane suna da lamba da Ctrl+F, har da gajartattun sunaye da waɗanda ke saman shafi da ƙasansa.

Tsaftacewa tana da iyaka. Idan sharaɗin sirri ya hana nuna abin da kwangilar ta ƙunsa ga kowa, ko kuma sirrin yana cikin sharuɗɗan ne da kansu, kamar tsarin haɗa wani magani, to sauya suna ba ya wanke mai liƙawa. A nan sai dai mai fassara da ya sa hannu kan riƙe sirri, ko manhajar da ke aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba.